Yadda na sake gina babi na biyu a kan gajiyar aikin ma'aikatan jinya

Bitar da na fara rubutawa a nan Bauchi, a kan matsananciyar gajiyar aiki tsakanin ma'aikatan jinya, kowane sakin layinta da sunan mai bincike yake farawa. Wane ya gano kaza a shekara kaza, wance ta gano kaza. Malamar da ke duba aikina ta maido mini shi da tambaya ɗaya a gefen shafi: wannan kaso 40 da wancan kaso 10, abu ɗaya suka ƙirga? Ban iya amsawa ba sai da na koma sashen da kowace maƙala ta bayyana hanyar bincikenta, sashen da a da nake tsallakewa don gaggawar ganin sakamako.

Tattara maƙalolin bai ba ni wahala ba. A PubMed, rumbun maƙalolin lafiya na intanet, na rubuta wannan, sannan na duba AJOL, rumbun mujallun bincike na Afirka, don ayyukan gida:

```
"Burnout, Professional"[Mesh] AND nurs*
```

Aikin na gaske yana ga ma'auni. Yawancin binciken da na karanta da ma'aunin Maslach aka yi su, wato MBI, wanda Maslach da Jackson suka fitar a 1981. Nau'in da ake ba ma'aikatan lafiya tambayoyi 22 gare shi, kashi uku: tara a kan ƙarewar kuzari, biyar a kan bushewar zuciya ga majinyaci, takwas a kan jin cewa aikin mutum yana da amfani. Kowace tambaya maki 0 zuwa 6 ne, gwargwadon yawan faruwar abin. Ba a tara kasusuwan uku su ba da maki ɗaya, kuma na ukun a juye yake, ƙarancin maki shi ne matsala. Mai karatu da gaggawa zai ga maki mai yawa a wurin ya rubuta cewa gajiya ta yi tsanani, alhali akasin haka ne.

To wa za a ce ya gaji? A nan ake rabuwa. An saba ɗaukar maki 27 zuwa sama a ƙarewar kuzari a matsayin mai tsanani. A bushewar zuciya wasu daga 10 suke farawa, wasu daga 13. Masu ma'aunin da kansu sun cire waɗannan iyakoki daga littafin jagorarsa a 2016, amma har yau ana amfani da su. Bayan iyaka kuma akwai batun haɗawa. Ga misali na ƙirƙira don a gani: nas 100 a asibiti ɗaya, 40 sun haura iyaka a ƙarewar kuzari, 25 a bushewar zuciya, 30 suna da ƙarancin maki a kashi na uku. Wanda ya ƙirga kashin farko kawai zai ce kaso 40. Wanda ya ƙirga duk mai matsala ko da a kashi ɗaya zai iya samun 60. Wanda ya dage sai ukun sun haɗu a mutum ɗaya zai iya samun 10. Mutanen ba su canja ba, amsoshinsu ma haka. Ba ƙaramin abu ba ne wannan: a 2018 Rotenstein da abokan aikinta sun duba bincike 182 a kan likitoci, suka tarar da ma'anoni 142 daban-daban na gajiyar.

Saboda haka na ajiye rubutu na ja jadawali a Excel, kowace maƙala layi ɗaya. Guraben da na cike su ne ƙasa da irin asibiti, shekarar da aka tattara bayanai, yawan waɗanda aka ba takardar tambayoyi da yawan waɗanda suka maido, sunan ma'auni, iyakar maki, kashi nawa aka ƙirga, tsarin binciken, sai sakamako a can ƙarshe. Shekarar tattara bayanai nake nema, ba ta bugawa ba, domin maƙalar da ta fito a 2021 tana iya ɗauke da amsoshin da aka karɓa kafin korona. Inda marubuta ba su faɗi iyakar makinsu ba, na rubuta "ba a faɗa ba", ban yi hasashe ba. Irin wannan bincike na ambace shi, amma ban sa shi a kwatanci ba.

Da na jera jadawalin bisa gurbin ma'auni maimakon sunan marubuci, sai ayyukan suka rabu gida-gida. Waɗanda aka yi da ma'aunin Copenhagen na 2005, mai tambayoyi 19 da maki 0 zuwa 100, na ware su gefe, don gajiyar jiki da ta rai yake aunawa, ba shi da kashin jin amfanin aiki. Kasonsa ba ya zama kusa da na MBI.

Ga sakin layi ɗaya yadda ya koma. Da farko na rubuta cewa Lasebikan da Oyetunde, a 2012, sun sami kaso 39.1 na ma'aikatan jinya 270 a wani babban asibitin Najeriya da ƙarewar kuzari mai tsanani. A layi na gaba na ce Aiken da abokan aikinta, a wannan shekarar, sun sami daga kaso 10 a Holan zuwa 78 a Girka. Na bar su a jere kamar buhuna a sito. A sabon rubutun da magana tawa na buɗe: idan aka tsaya ga ƙarewar kuzari a ma'aunin MBI, adadin Najeriya yana tsakiyar abin da aka samu a Turai, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashen Turai su kansu ta fi wadda ke tsakanin Najeriya da kowace daga cikin waɗannan biyun. Sannan na faɗi iyakar kwatancin: na Najeriya asibiti ɗaya ne, na Turai asibitoci 488 ne a ƙasashe 12. Sunayen marubuta suka koma shaidu a bayan magana.

Wurin da na fi taka-tsantsan shi ne dalilai. Aiken a 2002, a asibitoci 168 na Pennsylvania, ta nuna ƙarin majinyaci ɗaya a kan kowace nas yana tafiya da ƙarin kaso 23 a rinjayen yiwuwar gajiya. Dall'Ora a 2015 ta danganta dutin awa 12 ko fiye da gajiyar. Duka biyun sau ɗaya aka tambayi mutane, ba a bi su tsawon lokaci ba, kuma a bitar Dall'Ora ta 2020, 87 cikin bincike 91 haka suke. Don haka na bi babin na goge "yana jawo" na sa "yana da alaƙa da". Mai yiwuwa ƙarancin ma'aikata ne ke kawo gajiya, mai yiwuwa kuma gajiya ce ke korar mutane har ɗakin jinya ya rasa hannu. Wata matsalar ita ce wadda ta gaji har ta ajiye aiki, ko ta tafi ƙasar waje, ba ta nan ranar da aka raba takardar tambayoyi, don haka adadin yana iya zama ƙasa da gaskiya.

Adadin Pennsylvania ban ɗora shi kai-tsaye a kan asibitocin Bauchi da Gombe ba. Duk wanda ya kwana jinya a nan ya ga nas ɗaya ko biyu a dutin dare suna zagaya ɗaki cike da gadaje, 'yan uwan majinyaci na ɗaukar wanka da ciyarwa. Wannan tsarin aiki daban ne, kuma da shi na rufe babin: abin da bincikena zai auna shi ne kowane kashi na MBI shi kaɗai, da matsakaicin maki tare da kaso, da iyakar da na ɗauka a rubuce, sannan yawan majinyata a kan kowace nas a dutin safe, yamma da dare.