Wata na bakwai a kan keken ɗinki: tsawon mai tallar riga da abin da yake faɗa mana

Salamu alaikum 'yan'uwa, abokan koyo. Mako uku ke nan ban rubuta inda na kai ba. Aikin da ya riƙe ni gyaran wata doguwar riga ce da ƙanwata ta yi oda ta waya, kuma gyaran ya koya mini abin da nake ganin duk mai riƙe tef ya kamata ta sani, domin yanzu rabin masu zuwa wurinmu da hoto suke zuwa, ko da rigar kanti da ba ta zauna ba.

A hoton, rigar ta tsaya sama da idon sawun mai tallar, har ana ganin takalminta tas. Da ta iso ƙanwata ta saka, sai ga bakin rigar yana sharar ƙasa. Ta ce an cuce ta, an aiko mata da wata daban. Ni ma da farko haka na ɗauka. Na shimfiɗa rigar a kan tebur, na ɗora tef daga kafaɗa kusa da wuya har zuwa kalmasa, na samu santimita 137. Muka koma bayanin da mai kayan ya rubuta a ƙarƙashin hoton: tsawon M, 137. Babu wanda ya cuci kowa. A can ƙasa kuma akwai ɗan layin da ba ta taɓa kula da shi ba, inda aka rubuta Height 175 cm, Bust 84 cm, wato tsawon mai tallar da awon ƙirjinta, da cewa S ta saka. Ƙanwata kuwa tsawonta 158.

Da na kai wa Anti, mai koya mana, ba ta ma karɓi wayar ba. Cewa ta yi: "'Yata, riga a kafaɗa take rataye. Auno mini daga kafaɗarta zuwa ƙasa."

Wannan maganar ce ta warware mini lissafin. Tsawon mutum da ake rubutawa daga tsakar ka ne zuwa tafin ƙafa, amma kai da wuya ba sa cikin riga. Na buɗe littafin awona, na sake auna mata tara, 'yan gidanmu da 'yan ajinmu, kowace ba takalmi, ba ɗaurin kallabi. Tazarar da ke tsakanin cikakken tsawo da awon kafaɗa zuwa ƙasa ta faɗo tsakanin santimita 24 da 27. Saboda haka ga mai tsawon 175 na cire 26, ya rage 149. Rigar S da ke jikinta tsawonta 136 ne, ke nan ko ba takalmi take tsaye bakin rigar zai bar ƙasa da santimita 13. Ga shi kuma ta hau takalmi mai tsini, wanda a ido zai kai santimita 8, shi ya sa a hoto rigar ta yi kamar ta ɗage sosai. Ƙanwata daga kafaɗa zuwa ƙasa 133 ce. Riga mai 137 a jikin mai 133 dole ta ja ƙasa da santimita 4. Lissafin da bai fi minti biyu ba, da an yi shi kafin a tura kuɗi, da ba a yi ɓacin rai ba.

Na ɗauka gyaran yanke ƙasa ne kawai. Tana son rigar ta tsaya a idon sawu, wato santimita 5 sama da ƙasa, don haka abin cirewa santimita 9 ne. Har na ja layi da alli, Anti ta ce in dakata in dubi tsakiyar rigar a jikinta. Rigar mai yanka ce a ƙugu, sama daban, ƙasa daban, an haɗa da tattara. Wannan ɗinkin haɗin ya sauko ya zauna mata a saman kwankwaso, yadin sama kuma ya taru ya yi aljihu a bayanta. Na auna daga kafaɗa zuwa haɗin a jikin rigar, 42. Na ɗaura mata zare a inda ƙugunta ya fi shiga, na auna zuwa nan, 38. Ashe santimita 17 da doguwar mace ta fi ta ba duka a ƙafa suke ba, wani kaso yana gangar jiki. Da na yanke 9 a ƙasa, tsawo zai yi daidai amma rigar za ta ci gaba da zama kamar ta aro.

Sai na farke zif ɗin baya daga ƙasa zuwa rabinsa, na raba sama da ƙasa, na rage santimita 4 daga bakin ɓangaren sama, na mayar da tattarar, sannan na cire sauran 5 a kalmasa. Yini biyu ya ɗauke ni, mafi yawansa a wurin mayar da zif ba tare da ya yi tudu ba. Hannun ma na rage masa santimita 3, domin ya rufe mata har tsakiyar tafin hannu.

Bayan wannan na so in gwada ko zan iya faɗin yadda riga za ta zauna tun kafin ta iso. Wata ƙawata tana son irin wannan rigar a wata kala, ta yarda in zaɓa mata. Tsawonta 165, ƙirjinta 100. A nan awon ƙirjin mai tallar ya yi amfani, kuma ina roƙonku ku tsaya a wannan wurin, domin shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Riga ba ta zama daidai da awon jiki, sai an bar mata sarari na numfashi da motsi, kamar yadda muke ƙara wa awo in za mu yanka atamfa. Hoto ba ya faɗin yawan wannan sararin, amma lambobi biyu suna faɗa. Ƙirjin rigar S a jadawalin awon mai kayan 94 ne, ƙirjin mai tallar 84. Bambancin, santimita 10, shi ne sakin da ido ya gani a hoto ya ce rigar ta yi kyau. Duk mai son rigar ta zauna mata haka sai ta nemi wadda ta fi ƙirjinta da 10. Ƙawata ta saba sayen L, kuma L ɗin wannan 104 ce. Za ta shige ta, amma da sarari 4 kacal a yadin da ba ya miƙewa, ɗaga hannu ma sai ya ja. XL ce 110. Ta ɗan yi jim da jin XL, na ce mata harafin ba ya nufin komai, wani mai kayan L ɗinsa ita ce M ɗin wani, lambar santimita ce abin dubawa.

Abu biyu ne suke ruɗarwa a jadawalin nan. Wasu masu kaya awon jikin mai sakawa suke rubutawa, wasu awon rigar kanta, kuma sai an karanta kan jadawalin a san wanne ne. In awon jiki ne, sun riga sun ƙara sararin, ki nemi lambar da ta dace da jikinki kawai. Na biyu, in kin ga ƙirjin rigar babba an rubuta 47 ko 52, to a shimfiɗe aka auna daga hammata zuwa hammata, sai kin ninka biyu. Yadi mai roba kuma lissafinsa daban ne: za ki iya ganin rigar ta gaza ƙirjin mai tallar da santimita kaɗan, domin an yi ta ne ta kama jiki.

Tsawon XL ɗin 139 ne, awon ƙawata daga kafaɗa zuwa ƙasa ma 139 na samu. Na rubuta a littafi: ƙirji zai yi daidai, baki zai taɓa ƙasa, ƙugu zai ɗan sauko. Rigar ta iso ranar Laraba. Ƙirji ya zauna kamar don ita aka yanka, ƙugu ya sauko da kusan santimita 2. Tsawo ne ya ba ni rabin gaskiya: ta baya ya taɓa ƙasa, ta gaba kuma ya ɗage da santimita 3, har yatsun ƙafarta suna leƙowa. Dalili shi ne ta baya na saukar da tef. Ta gaba yadi sai ya hau kan ƙirji kafin ya sauka, kuma wannan hawan yana cin tsawo. Mai ƙirji 84 ba ta nuna wannan a hoto. Yanzu awo biyu nake ɗauka, ɗaya ta baya, ɗaya ta gaba bisa tudun ƙirji, kuma mai cika ta baya ita ma rigar ta can take ɗage mata.

Abaya ta fi sauƙi, in dai kin san ma'anar lambarta. Waɗannan 52, 54, 56, 58 da muke gani a wuyan abayoyin Dubai, har a Kantin Kwari, tsawon abayar ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka 52 ta kama 132, 54 ta kama 137, 56 ta kama 142, 58 kuma 147. Mai tsawon 175 da aka ce 58 ta saka, abayar za ta tsaya mata dab da ƙasa. Ƙanwata mai kafaɗa 133 kuwa 52 ce tata, sai dai in takalmi mai tudu za ta dinga sawa, ta ɗauki 54. A abaya kuskuren tsawo ya fi ciwo, domin sau da yawa duwatsu ko aikin zare a bakin ƙasa suke, in aka yanke an tafi da adon.

Wani wurin da ƙafa da inci ake rubuta tsawon mai tallar, kamar 5'9". Wannan ƙafa 5 ne da inci 9. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, ke nan 60 da 9, inci 69, wanda ya kama santimita 175. Tef ɗinmu yana da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗayar, sai ki ɗora yatsa a kan lambar ki juya shi, in dai awon bai wuce inci 60 da tef ɗin ya ƙare a kai ba.

Akwai abin da lambobin ba za su nuna miki ba. Masu ɗaukar hoto kan tsuke riga da fil ko maƙali ta bayan mai tallar don ta fito da siffa. Alamarsa ita ce jadawali ya nuna sarari mai yawa a ƙugu amma a hoton gaba rigar ta lafe, kuma babu hoton baya. In na ga haka jadawali nake bi. Faɗin kafaɗa da kaurin damtse ma ba a cika rubuta na mai tallar ba, alhali a nan riga ta fi takura wa matanmu, sai dai a tambayi mai kayan ya auna hannun rigar ya turo.

A littafina yanzu kowace mai ɗinki tana da layi uku da ban saba ɗauka ba: cikakken tsawo, kafaɗa zuwa ƙasa gaba da baya, da kafaɗa zuwa ƙugu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada lissafin a kan wando mai faɗin ƙafa da wata maƙwabciyarmu take son yin oda, inda awon cikin ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa zai maye gurbin na kafaɗa. Wadda ta riga ni gwadawa a cikinku, don Allah ta faɗa mini santimita nawa ta bari saboda takalmi.