Rubutun bidiyon gabatar da kai na daƙiƙa 30: yadda na tsara nawa

Mai ɗaukar hoton da yake zaman kansa ba shi da wani kamfani da zai yi masa talla, don haka mafi yawan sababbin masu ba shi aiki suna fara ganinsa ne a waya, ko dai a status ɗin WhatsApp na wani da ya taɓa yi wa aiki, ko kuma a Instagram. Ni aikin biki nake yi a Kano, tare da yaro ɗaya mai riƙe mini fitila da kuma wata abokiyar aiki da take shiga wajen mata, kuma bidiyon da nake gabatar da kaina da shi bai wuce daƙiƙa 30 ba. Wannan tsawon ya samo asali ne daga WhatsApp, domin shekaru da dama iyakar bidiyon da ake ɗorawa a status ke nan, kuma ko da yake an ƙara wa'adin daga baya, ban ga dalilin tsawaita nawa ba, tunda haƙurin mai kallo bai ƙaru ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne yawan kalmomin da lokacin zai ɗauka. Mutumin da yake magana a natse, ba karatun labarai ba kuma ba gaggawar mai tallan magani a kasuwa ba, yakan furta kalma biyu ko fiye da haka kaɗan a daƙiƙa guda, wanda ke nufin cewa rubutun ba zai wuce kalma 60 zuwa 70 ba. Duk wanda ya rubuta kalma 100 dole ne ya yi sauri, kuma saurin yana fitowa a murya: numfashi yana yankewa a tsakiyar jimla, ƙarshen kalmomi yana ɓacewa, mai kallo kuma ya ji kamar roƙonsa ake yi.

Da wannan ƙarancin, tilas ne a zaɓi mutum ɗaya da za a yi wa magana. Abokan sana'a da yawa sukan jera cewa suna ɗaukar biki da suna da walima da hoton fasfo da taron siyasa da kayan 'yan kasuwa, sai lokacin ya ƙare a lissafi, ba tare da wani ya ji cewa da shi ake ba. Ni na zaɓi wadda take shirya biki, galibi amarya ko yayarta ko gwaggonta, domin su ne suke neman mai hoto. Abin da ke damunsu kuwa ba irin kyamarar da nake riƙewa ba ne. Tambayoyin da suke yi mini a waya kusan kullum iri ɗaya ne: wa zai shiga wajen kamu, yaushe za a karɓi hotuna, kuma shin za su wayi gari su ga hoton amarya yana yawo a intanet. Daga waɗannan tambayoyin na gina rubutun, ga shi kuma yadda yake:

"Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Kano. Daga kamu zuwa kai amarya ina tare da ku, kuma wajen taron mata akwai mace mai ɗaukar hoto a cikinmu. Za ku karɓi hotunanku cikin kwana 7, in sha Allah, kuma ba na saka hoton kowa a intanet sai da izininsa. Ku turo mini ranar bikinku ta lambar da ke ƙasa, in gaya muku ko ina da sarari."

Kalma 68 ce. Sallama da jimlar farko suna cin kimanin daƙiƙa 4, kuma a nan ne kaɗai da kuma a ƙarshe fuskata take cika allo. Sunana da sunan shagona ba na faɗarsu da baki, a rubuce suke fitowa a ƙasa, domin wanda bai san ni ba ba zai riƙe suna daga ji ɗaya ba, amma zai riƙe sana'a da gari. Jimla ta biyu da ta uku suna ɗaukar wajen daƙiƙa 9 kowacce, kuma a lokacinsu murya tana ci gaba yayin da hotuna shida suke wucewa, kowane kimanin daƙiƙa 3, wanda ya isa ido ya ga hannun amarya da lalle ko layin manyan riguna a wajen ɗaurin aure. Dukkan hotunan nan sai da na nemi izinin masu su, domin ba zai yiwu in yi alkawarin sirri da baki alhali allon yana ƙaryata ni ba. Sauran lokacin na jimlar ƙarshe ne, lambar waya kuma tana tsayawa har bidiyon ya ƙare.

Jimlar kwana 7 ita ce mafi nauyi, kuma ita ce nake shawartar kowa ya yi tunani kafin ya kwaikwaya. Alkawari ne da za a riƙe mutum da shi. Na sa wannan adadin ne saboda na san lokacin da tace hotuna da gyaran launi suke ɗauka a hannuna, har da ranakun da babu wuta, kuma hotunan da ake turawa ta waya nake nufi, ban da kundin da ake bugawa, wanda nake bayyana nasa wa'adin idan an zo ciniki. Wanda yake karɓar biki uku a mako guda bayan salla, lokacin da aure yake yawa, gara ya ce kwana 14 ya cika. Kalmomi irin su "ƙwararre" da "inganci" na bar su gaba ɗaya, domin kowa yana faɗarsu kuma babu mai iya tuhumar kowa a kansu. Farashi ma ban saka ba, tunda kuɗin mai da na buga hoto suna canzawa, bidiyon kuma yana daɗewa yana yawo.

A jimlar ƙarshe abu ɗaya tak na nema, wato ranar biki. Idan aka ce wa mutum ya kira, ya bi shafi, ya kuma yaɗa, yawanci ba ya yin ko ɗaya. Ranar biki kuwa abu ne da yake bakin mai shiri, turawa ba ta ɗora masa nauyin komai, ni kuma tana ba ni damar duba littafina kafin a fara maganar kuɗi da kafin alƙalami.

Wajen ɗauka, murya ta fi ba da wahala. Na yi amfani da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, na ɗauka da sassafe kafin maƙwabta su tayar da janareta, ina fuskantar taga, wayar kuma a tsaye domin a haka ake kallo. Na rubuta maganar duka a ƙasan allo saboda masu kallo ba tare da sauti ba. Kafin in saki bidiyon na nuna wa wata 'yar'uwata sau ɗaya, na tambaye ta aikin da nake yi, da alkawarin da na ɗauka, da abin da na ce a turo, kuma duk jimlar da amsarta ba ta fito daga bakin mai kallo ba ita ce ake sake rubutawa.