Fitowa ta 7 a wani zaure a Bagalam

Mu huɗu ne muke ɗaukar fim da kyamara ɗaya: ni, mai kyamara, mai sauti, sai ƙanena da ke riƙe allo. Labarin shafi 12 ne, wato kusan minti 12 in an bi lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. Daren jajibirin ɗauka na zauna da biro ina yayyanka shi, fitowa ta 7 ce kuma ta fi cin lokacina: yarinya ta durƙusa gaban mahaifinta a zaure, ta miƙa masa takardar makaranta.

Ɗauka biyar na fitar. 7A mai faɗi ce, su biyun da ƙofar zaure, daga sallama har tashinta ba yankewa, don in komai ya lalace akwai madogara. A 7B kyamara na ƙasa, daidai idon yarinyar, tana kallon uban sama, sai ya cika hoton da kwarjini. 7C daga kafaɗarsa ake leƙo ta, ta ƙara ƙanƙancewa. 7D fuskarta ce kurkusa, 7E hannuwa da takarda kaɗai. Kowane layi a jerin ɗaukar na rubuta masa girman hoto, tsayin kyamara, da maganar da zai fara da wadda zai tsaya.

Lambobin nan tsarin labari suke bi, amma ɗauka ba ta bin su. Duk sauya wurin kyamara na cinye mana kusan minti ashirin, saboda haka muka haɗa 7C da 7D tunda gefe guda suke kallo, 7E muka bari ƙarshe, don hannu ba ya buƙatar hasken ƙofa.

Abin da ban rubuta ba shi ya kayar da ni. Akwai layin da ake ƙaddarawa tsakanin mutum biyu masu magana, kyamara ta tsaya gefe ɗaya nasa har a gama. Da muka zo 7B rana ta faɗo ta ƙofa, mai kyamara ya ce, "Yaya, mu koma can gefen, nan haske ya ƙone rawanin." Na ce to. A ƙaramin gilashin kyamara hoton ya yi kyau abinsa.

Sai wurin tacewa muka ga aika-aika. A 7B uban na kallon hagu, a 7C ita ma hagu take kallo, kamar kowa da bango yake magana. Mai zauren kuwa ya yi tafiya Dakoro da makulli, dole muka rufe ɓarakar da 7A da 7E, kwarjinin uban ya tafi a banza.

Yanzu kowace fitowa sai na zana taswirarta a bayan takarda: ɗigo biyu, layi a tsakani, kibiyoyi masu lamba duk a gefe ɗaya. Na kuma ƙara gurbi a jerin, "ina yake kallo". In rana ta dame mu, tabarma ƙanena ke ratayawa a ƙofa.