Yadda nake tsara manhajar zango ɗaya ga ajin manya na dare

Sana'ata koyar da manya karatu da rubutu ce. Ina da ƴar ƙaramar cibiya mai azuzuwan dare, na ɗauki malamai suna taya ni, kuma aikin da ya fi cin lokacina shi ne rubuta manhajar da kowane malami zai bi daga farkon zango zuwa ƙarshensa. Takarda ce guda ɗaya, gaba da baya. In ta wuce haka, malamin da ya wuni wajen wani aikin ba zai duba ta ba, ni kuma ba zan iya shiga aji in gane inda aka kwana ba.

Da lissafin lokaci nake farawa. Zangonmu mako 12 ne, ana zama sau uku a mako, kowane zama minti 90. Zama 36 ke nan, awa 54. Amma ɗalibina magidanci ne ko uwar ƴaƴa, yana da aiki, yana da marar lafiya a gida, wani daren kuma gajiya ce kawai za ta kayar da shi. Saboda haka ina tsarawa ne a kan cewa mutum zai rasa zama ɗaya cikin kowane huɗu, watau abin da zai samu bai wuce awa 40 da ɗan ɗoriya ba. Duk manhajar da sai an halarci zama 36 cif take aiki, an rubuta ta ne wa ɗalibin da ba zai taɓa zuwa ajin dare ba.

Daga nan sai in rubuta abin da nake so mutum ya iya yi a makon ƙarshe, in taho da baya. Nawa abu uku ne: ya karanta ɗan saƙo mai jimla huɗu da bai taɓa gani ba ya faɗi abin da ke ciki, ya cike fom mai neman suna da adireshi da lambar waya, ya rubuta jimla biyu da aka yi masa shifta. Burin kowane mako ma haka nake rubuta shi, da aikin da ido zai gani. "Ɗalibai su fahimci wasula" ba ya shiga takardata, domin ba wanda zai iya cewa an cimma shi ko ba a cimma ba. Abin da zan rubuta shi ne, ɗalibi ya karanta kalma huɗu cikin biyar da aka haɗa da haruffan da aka koyar zuwa yanzu.

Makon farko ba a koyar da sabon harafi. Malami yana zama da kowa shi kaɗai na ƴan mintuna, ya nuna masa haruffa a warwatse da gajerun kalmomi. A nan ake gane wanda bai taɓa riƙe fensir ba, da wanda ya taɓa zama a aji ya manta, da wanda yake karatu da ƙyar amma ba ya rubutu. Sauran makon kuma kowa ya koyi rubuta sunansa, ko da kwaikwayo ne kamar zane. Mutum ya koma gida da sunansa a takarda da hannunsa, wannan shi ke dawo da shi mako na biyu.

Haruffan bokon Hausa da nake koyarwa 28 ne: wasali biyar da baƙi 23, in an haɗa da sh da ts da masu lanƙwasa. Na raba su huɗu-huɗu a mako bakwai, amma ba na bin jerin a, b, c. Wanda ya bi jerin zai yi makonni yana rera haruffa bai karanta kalma mai ma'ana ba. Ni a mako na biyu ina ba da a, k, m, n, kuma tun daren farko ake haɗa gaɓa: ka, ma, na, sai kama, mana, kaka. Mako na uku i, u, b, s, sai ga suna da sani da kusa. Na huɗu r, t, g, y. Da gangan nake jinkirta d har mako na shida, don b ya zauna da gindinsa tukuna, saboda waɗannan biyun su suka fi rikita sabon mai karatu. Ƙ da ɗ da ɓ da ts suna zuwa a mako na takwas, lokacin da k da d da b sun riga sun zama abokai, sai a nuna wa mutum cewa lanƙwasa kaɗai ta raba baki da baƙi. Mako na goma ake kammalawa da c, j, z da ƴ, a taɓa kw da gw da ky, a nuna ninkin baƙi irin na baba da babba.

Mako na biyar da na tara babu sabon abu ko ɗaya. Sabon malami yakan ga kamar ɓata lokaci ne, har ya so ya cusa harafi ɗaya ko biyu don a yi gaba. Ba na yarda. Waɗannan makonnin ne ke kamo wanda ya yi fashin kwana uku, kuma su ne wurin da nake zuba makon da ya ƙi tafiya. Na sha ɗaya karatun gajerun saƙonni ne da cike fom, na sha biyu gwajin ƙarshe. Lambobi kuwa ba su da makonsu, minti goma ne a kowane dare tun daga farko.

Yanzu ga inda aikin yake, watau gwajin mako. A zama na uku na kowane mako, yayin da aji ke kwafar rubutu daga allo, malami yana kiran mutum ɗaya-ɗaya zuwa gefe ya miƙa masa kati mai kalma biyar. Minti biyu ya ishi kowa. In ajin mutum 20 ne, minti 40 ke nan, shi ya sa ba na barin aji ya wuce haka. Ƙa'idar katin ɗaya ce: kalmomin duk da haruffan da aka koyar aka gina su, amma ba a taɓa rubuta su a allo ba. Dalili shi ne manya suna da kaifin hadda. Mutum zai riƙe cewa kalmar da ke saman allo ta hannun dama "riga" ce, ya faɗe ta da ƙarfi tare da jama'a, malami ya yi ta murna alhali ba karatu aka yi ba. Karatun baki ɗaya yana da daɗin ji, amma mutum uku ne ke jan sa, saura amshi suke yi. Bayan katin sai shiftar kalma uku ga aji duka. Ba ma kiran wannan jarrabawa, ba ma karanta sakamako a gaban kowa. Babba da aka kunyata sau ɗaya a gaban sa'o'insa ba ya gardama, kujerarsa kawai za ka tarar ba kowa.

Bari in ɗauki mako na huɗu a matsayin misali. Katin yana ɗauke da rami, tuta, guga, taya, barka. A rajista, gaban kowane suna, malami yana sa alama ɗaya cikin uku: ya karanta huɗu ko biyar, ya karanta biyu ko uku, ko ƙasa da haka. Sannan ya rubuta abin da mutumin ya faɗa a inda ya kuskure, kuma wannan ya fi mini alamar amfani. A ce mutum takwas cikin 20 ba su kai huɗu ba. Sai in duba kuskuren. Wanda ya kira haruffan rami ɗaya bayan ɗaya daidai amma ya kasa haɗa su, ya san haruffa, gaɓa ce bai kama ba, maganinsa katunan gaɓa da zai jera da hannunsa: ra da mi, ra da na, ra da ga. Wanda ya ga rami ya ce rana, harafin farko yake kallo ya cinci sauran, sai a rufe kalmar da yatsa a riƙa buɗe ta gaɓa-gaɓa. In kuwa kusan kowa a barka ya tsaya, laifin yana ga manhaja, domin ba a ba gaɓa mai ƙarewa da baƙi haƙƙinta ba.

Abin da nake yankewa da wannan ba ya canjawa. In waɗanda suka gaza sun haura kashi ɗaya cikin uku na aji, kamar takwas ɗin nan, ba a ci gaba, a maimaita makon da sababbin kalmomi. Nan sa'a aka yi mako na biyar yana biye, sai ya shanye maimaicin. In mutum biyu ko uku ne kawai, aji ya wuce, su kuma su riƙa zuwa minti 15 kafin lokaci. Wanda ya samu alamar ƙasa mako biyu a jere, ni da kaina nake zama da shi, domin sau da yawa matsalar ba ta kai ba ce. Wanda ya haura shekara 40 yana karanta allo sarai amma yana nesanta katin daga fuskarsa yana ƙyafta ido, tabarau yake buƙata, kuma hasken dare yana ƙara masa wahala. Saboda irinsu nake rubuta katuna da baƙaƙe manya-manya da alƙalami mai kauri. Wani kuma kunne ne, a shifta kaɗai yake faɗuwa, da an matso da shi benci na gaba sai a ga ya miƙe.

Gwajin nan yana da iyakarsa. Yana nuna mutum ya iya furta abin da ke rubuce, bai nuna ya fahimta ba. Don haka daga mako na bakwai katin yakan koma jimla guda, kamar "yara sun shiga gida da dare", a tambayi mutum su wa suka shiga, yaushe. Akwai wanda zai karanta jimlar ba tuntuɓe, a tambaye shi ya yi shiru, saboda duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa gaɓoɓi. Irin wannan sai ya sake karanta jimlar sau biyu ko uku har ta fito da saurin magana, sannan a maimaita tambayar.

A ƙarshen zango ina jera rajistun azuzuwan gaba ɗaya in bi su mako-mako. Makon da alamun ƙasa suka taru a aji ɗaya kawai, da malamin zan zauna. Makon da suka taru a kowane aji, takardata zan gyara kafin sabon zango, kuma mako na takwas shi ya fi yawan neman wannan gyaran, har nakan ɗauke ts daga cikinsa in kai shi na goma in bar masu lanƙwasa su uku su ci makonsu su kaɗai.