TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Littafin lodi da rasit ɗin mai

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya inda takardar haraji ta same ni a tasha ana cikin lodin Katsina. To ga abin da ke ciki, wai motocina huɗu kowace tana kawo ribar naira dubu 20 kullum, kwana 300 a 2023, miliyan 24 kenan, a kan wannan suka yanka min. Wallahi sai da na zauna a benci.

Ni na san ba haka ba ne. Mota ɗaya na sayar tun watan Maris, ɗaya injinta ya buga ta yi wata uku a gareji, sauran biyun ma ai layi ake bi, wani lokacin sai mota ta kwana biyu lodi bai zo kanta ba balle bayan an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu da lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, fasinja ya ɗauke ƙafa.

Wani dattijo a ƙungiyarmu ne ya ce min, "Alhaji, surutu ba zai fisshe ka ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi, in suka wuce kuɗin ya zauna a kanka." Ya ce in faɗi dalilina, in rubuta ainihin abin da na samu, kuma kar in fito sai an buga min hatimi a kofina.

Dare huɗu muka yi da ɗana Abba a kan tabarma, littafin lodi na tasha a gefe, ledar rasit ɗin gidan mai a gefe, wasu har sun koɗe sai mun haska da tocilan waya. Muna haɗa kowane sawu da man ranar. Kano zuwa Katsina da dawowa farar bas ɗina tana shan kamar lita 45, littafi ya nuna sawu 212, rasit ya kamata ya ba da lita 9,540.

Da muka je ofishin haraji, ma'aikacin da ya karɓe mu kan lissafin man nan ya nufa kai tsaye, ya danna kalkuleta, ya ce lita 900 ba su da rasit, sawu 20 kenan. Na ce yallaɓai lokacin layin mai ne, a wajen 'yan bumburutu muka saya, su ba sa ba da takarda. Ya ce sawun zai ƙirga su a kuɗin shiga, amma man da ba shi da shaida ba zai cire min shi ba. Abin ya yi min ciwo don kuɗina ne na biya.

Takardar cinikin mota da ta bakanike ya karɓa, ya buga hatimi, ya ce in kawo sitatimen banki ranar Litinin. Abin da aka gani a ciki sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.