Takardar neman izinin tafiya jarrabawa da na rubuta har sau biyu

A wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke Argungu na yi zaman koyon aiki na SIWES, shirin ɗalibai da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ɓullo da shi tun 1973. Mako 24 jami'armu ta ɗibar mana. A ɗakin gwaji aka ajiye ni, aikina in ɗebi samfuri daga buhunan shanshera da aka sauke, in auna danshinta, in rubuta. Duk wadda ta haura kashi 14 cikin ɗari sai an sake shanya ta kafin ta shiga sito.

Abokan karatuna ba su da wata jarrabawa a wannan zangon. Ni kuwa ina da kwas biyu da suka maƙale mini tun aji biyu, kuma na yi rajistarsu. Jarrabawar ta faɗo a mako na 23 da na 24, wato makonni biyun ƙarshe na zamana a kamfanin. Tun farkon zango kalandar makaranta ta nuna haka, amma na ce sai jadawali ya fito tukuna. Bai fito ba sai a mako na 19.

Da baki na fara gwadawa. Na tare mai kula da ni, wani dattijo da kowa ke kira Injiniya, yana tsaye wajen sikelin auna motoci. Na ce, "Ranka ya daɗe, jarrabawa ta matso, ina son in tafi da wuri." Ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya ci gaba da ƙirga buhuna. Ni dai na ɗauka an gama. Sai sakataren ofis, da na ba shi labari, ya yi dariya ya ce addu'a aka yi mini, izini kuwa sai ya gan shi a fayil.

Da dare na rubuta takarda. Da Turanci ake rubuta irinta, kuma na zuba Turancin iya zubawa: godiya ga kamfani sakin layi guda, muhimmancin ilimi sakin layi guda, sannan can ƙasa na ce ina roƙon a bar ni in tafi da wuri saboda jarrabawa. Injiniya ya karanta, ya juya bayanta ko akwai sauran magana, ya ce, "Yaro, mi kake nuhi da wuri? Ƙarhe biyu na rana, ko ko kwana goma? Yaushe za ka tahi, yaushe za ka komo?" Ban da amsa a takarda. Ya miƙo mini abata, ya jawo logbuk ɗina ya buɗe shafukan ƙarshe.

A nan na gane abin da ke damunsa. Kowane mako shi ke sa hannu a ƙasan abin da na rubuta, kuma a ƙarshe akwai Fom 8 na ITF da kamfani zai cike nasa ɓangaren ya buga hatimi, yana shaida tsawon lokacin da na yi. In na ɓace mako biyu, ko dai shafukan su zauna fayau, ko ya sa hannu a kan aikin da ban yi ba. Ya ce na biyun ba zai yi wa ko ɗan cikinsa ba. Ga shi kuma malamin da makaranta ke turowa duba ɗalibai bai zo ba tukuna, yana iya faɗowa ranar da ba na nan.

Muka yi lissafi tare a bayan wata tsohuwar takardar awo. In na tafi ranar Juma'ar mako na 22, ana bi na kwana goma na aiki. Kamfanin yana aiki ranar Asabar, amma ba a tilasta wa ɗalibai zuwa. Asabar uku suka rage mini kafin tafiya, na mako na 19 da na 20 da na 21. Saura kwana bakwai, waɗanda sai dai in dawo bayan jarrabawa in biya. Har yau abin da ke ci mini rai shi ne, da tun mako na 12 na rubuta, Asabar goma cif suna gabana, da na biya bashin tun kafin in ci shi. Kalandar zango ta isa hujja a lokacin, jadawalin sai in kawo shi daga baya.

Takarda ta biyu ko rabin shafi ba ta cika ba. Na yi ta zuwa ga shugaban sashen ma'aikata, ta hannun Injiniya, domin shi zai rubuta amincewarsa a gefe kafin ta wuce sama. Kan maganar ya ce neman izinin barin wurin aiki na kwana goma domin rubuta jarrabawa. Cikinta, in na mayar da shi Hausa, ga abin da ya ƙunsa:

"Ni ɗalibin aji uku ne mai koyon aiki a ɗakin gwaji. Ina da jarrabawar kwas biyu, ɗaya ranar Talatar mako na 23, ɗaya ranar Alhamis ta mako na 24, kamar yadda jadawalin da na haɗa ya nuna. Ina neman izini in tashi bayan aikin Juma'ar mako na 22, in dawo Litinin ɗin da ke bin jarrabawar ƙarshe. Zan biya kwana uku a ranakun Asabar kafin in tafi, sauran bakwai bayan na dawo. Kafin tafiya zan miƙa littafin awon danshi ga abokin aikina."

A ainihin takardar kwanan wata na sa, ba lambar mako ba. Na rufe da suna, lambar rajista, sashe da sa hannu. Na maƙala kwafin jadawalin, na ja layi a ƙarƙashin kwasakwasan biyu, da kuma kwafin fom ɗin rajistar kwas. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda na zata, don jadawali kowa na iya kwafowa daga allon sanarwa, fom ɗin ne ke nuna ni ɗin ina cikin masu rubutawa.

Injiniya ya tsaya a tazarar da ke tsakanin jarrabawar biyu. Ya tambaye ni me zai hana in dawo a tsakani. Na gaya masa gaskiya, kwas na biyun lissafi ne, shi ya kayar da ni bara, kuma ban buɗe littafinsa ba tun da na zo Argungu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya rubuta kalma biyu a gefe ya sa hannu. Ina jin da na ƙirƙiro wata ƙarya ta kuɗin mota da bai sa ba.

Kwafi uku na yi. Sakatare ya riƙe ɗaya, ya buga wa sauran biyun hatimin karɓa da kwanan wata. Ɗaya na kai ofishin SIWES na makarantarmu ranar da na isa, ɗayan na ninke shi a cikin logbuk. A shafukan makonnin biyu kuwa, layi ɗaya na rubuta, cewa ina jarrabawa da izini, duba takardar da ke maƙale.

Malamin makaranta ya je kamfanin ranar Larabar mako na 23, ni ina makaranta ina fama da lissafi. Sakatare ya ciro masa takardar daga fayil. Ya karanta, ya bar sallahu cewa in kai masa logbuk ofis idan na cika kwana bakwan da suka rage. Na cika su a lokacin da shinkafar rani ke shigowa mota-mota, sauran ɗaliban duk sun watse, ni kaɗai da na'urar awon danshi.