Saƙo zuwa gida kan maganar katin wuta

Salam Aminu ƙanina, ya gida ya su Hajiya? Ka karanta mata wannan a tsanake, kai ma ka ajiye shi a waya don kar kullum mita ta fara kuka a kira ni ina tsakiyar aiki.

Tun da na zo ƙasar nan ni nake sayen wutar gidan daga nan, kuma ba wani abu ba ne mai wahala, manhajar bankina na Najeriya nake shiga wajen biyan kuɗin wuta, in zaɓi kamfanin da ke ba mu wuta wato KEDCO, sai in zaɓi Prepaid. Nan mutane ke ruɗewa, in ka danna Postpaid kuɗin zai tafi ne kamar biyan bil, babu lambar da za ta fito maka. Sai in sa lambar mita in tsaya har sunan Baba ya fito a fuskar wayar. In sunan wani ya fito kar ka biya wallahi, don lambar katin a kan mita ɗaya tak take aiki, in ka saya wa mitar wani to ka yi masa kyauta ke nan, dawo da kuɗin sai an sha yawo. Wajen lambar waya kuma taka nake sawa ba tawa ba, saboda layina na gida ba kullum saƙo ke shigo masa a nan ba.

Abin da zai zo maka lambobi ne guda 20. Ka shigar da su a hankali a ɗan akwatin nan mai madannai da ke falo, ka danna maɓallin shigarwa. In ta rubuta Accept ta karɓa. In Reject ne yawanci lamba ɗaya ka kuskure, sake dubawa. In kuma Used ne to an riga an sa wannan katin, tambayi yaran gidan kafin ka ce banki sun cinye kuɗi.

Yanzu ga inda aka fi shan wahala, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Wancan akwatin na falo ba shi ne mitar ba, mitar tana can waje, ta wayar wuta suke magana da juna. Saboda haka in an ɗauke wuta katin ba zai shiga ba ko sau nawa ka danna, ka jira a kawo. In kuna kan janareta ko sola ma haka, sai an mayar da gidan kan layin Nepa. Kuma a jona shi a soket na bango kai tsaye, ba a wayar ƙari da ake cajin waya ba. In kuka bari yunit ya ƙare ƙaf, soket ɗin ba wuta, to batiri ne zai tada akwatin, har yanzu dai a jone a bango soket a kunne. Don Allah a ajiye batiri sabo a durowar Hajiya, kar a cire a sa a rimot.

Duba saura kuwa, ka kalli lambar da ke da kWh a gefenta, wannan yunit ne ba naira ba. Tana fitowa da kanta a fuskar akwatin in ka ɗan tsaya, ko a danna lambar dubawa wadda ta danganta da kamfanin da ya ƙera mitar, tana cikin ɗan littafin da aka ba mu tare da ita. Ka duba kafin ka sa kati, ka sake dubawa bayan ka sa, ka turo min hoton biyun.

Hajiya tana cewa wai dubu goma ba ta auki yanzu, bari in yi miki lissafin. A naira 10,000 ana fara cire harajin kashi 7.5, saura wajen 9,300. A ce yunit ɗaya naira 200 ne, kin ga yunit 46 da ɗoriya ke nan. Dutsen guga mai wat 1,000 in ya yi awa ɗaya yana ci yunit ɗaya ya tafi, hita ta ruwan wanka ma haka ko fiye. In rasit ya nuna yunit ƙasa da haka sosai, ka duba ko an cire tsohon bashi, ana rubutawa a jiki.

In mitar ta sauka zuwa yunit 10 ka yi min magana tun da rana, dare a nan ina bacci kuma wayar a kashe take. A gaida Baba da jiki.